Saƙon gayyatar biki ya yi tsawo, ta ina zan rage?

Tambaya: Ni na rubuta saƙon gayyatar auren ƙanena, kowa a gida ya sa baki, har ya kai kalma kusan 200. Yaya zan rage shi ba tare da rana, lokaci, wuri da bayanin kayan sawa sun salwanta ba?

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki bi tsohon saƙon kina tsinke kalma ɗaya ɗaya. Ta nan ake yin ɓarna, domin hannu ya fi saurin goge "na yamma" a kan ya taɓa doguwar gaisuwar da goggo ta ƙara. Buɗe sabon shafi, ki fara kwashe abubuwa huɗun nan, kowanne a layinsa, sannan ki ɗora jimla ɗaya a sama mai faɗin wa ke gayyata da auren wa ake yi.

A ce tsohon yana cewa: "Muna farin cikin sanar da ku cewa za a gudanar da wannan gagarumin biki mai cike da tarihi a ranar Asabar mai zuwa da misalin ƙarfe huɗu." Duk yawan kalmomin nan, ba su faɗi ranar ba. Saƙo yawo yake yi daga waya zuwa waya, wanda ya same shi bayan kwana takwas wata Asabar zai ɗauka. Ga yadda zai koma:

Iyalan wane da na wane suna gayyatarku liyafar auren wane da wance.
Rana: Asabar, 12 ga Disamba, 2026
Lokaci: ƙarfe 4:00 na yamma
Wuri: sunan ɗakin taron, titi, gari
Kaya: mata shuɗi, maza fari, ga mai hali

Sunan rana da kwanan wata ki bar su tare, ki kuma duba kalanda, don ɗaya yana kama kuskuren ɗaya. A layin wuri kada ki yi rowar kalma. Sunan gari shi ake yawan mantawa, saboda mai rubutu a cikinsa yake zaune.

Layin kaya ne ya fi shan wahala wurin ragi. In kika bar "shuɗi da fari" kawai, wani zai zaci haɗa su ake so a jiki ɗaya. In kuma kika cire "ga mai hali", zaɓi ya zama dole, wata sai ta fasa zuwa saboda ba ta da kalar.

Addu'a da godiya, layi ɗaya a ƙasa ya wadatar. Jerin sunayen dangi kuwa ni nakan cire shi gaba ɗaya, don "iyalan wane" ya haɗa kowa, ba wanda zai ce an tsallake shi.

Kafin ki tura, ba wa wanda bai san komai game da bikin ba ya karanta sau ɗaya, ki karɓe wayar, ki tambaye shi yaushe, ƙarfe nawa, a ina, me zai sa. Inda ya yi inda-inda, wannan layin za ki gyara.