Ariyas bayan ƙarin girma

"An ɗaga ni daga mataki na 8 zuwa na 9 tun Janairun 2023, amma albashina bai canza ba. Yaya zan karɓi ariyas ɗina?"

Ɗan'uwa, fara da takardar ƙarin girman. Sau da yawa kwanan wata biyu ne a ciki: ranar da matsayin ya fara aiki, da ranar da kuɗi suka fara. Daga ta biyun ake lissafi, nan mutane ke ruɗewa. Idan bambancin albashin matakan biyu naira 15,000 ne a wata, wata 18 ya zama 270,000, kafin a cire haraji da fansho.

Rubuta wa sashen mulki ta hannun shugabanka, ka haɗa kwafin takardar da takardun albashi, ka nemi a gyara matakin tukuna, don kowane wata bashin ƙaruwa yake. Lallai a buga wa kwafinka hatimin karɓa, fayil kan yi ƙafa.