Tarbi'in Zuhal da Fuluto a taswirar haihuwar Oktoban 1993

"Assalamu alaikum. An haife ni a tsakiyar Oktoban 1993. Na duba taswirar haihuwata na ga Zuhal da Fuluto sun yi tarbi'i, kuma duk abin da na karanta a kai mutuwa ce da asara da rabuwa. Na kasa barci. Don Allah mai sani ya gaya mini gaskiya, wani abu ne zai same ni ko iyayena?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Babu wata taswira da ke nuna ranar mutuwarki ko ta iyayenki, kuma duk wanda ya ce ya ga haka a cikin tarbi'i ya faɗi abin da bai sani ba. Ajali na Allah ne. Na daɗe ina duba taswirori, kuma abin da ya fi ɓata mini rai a wannan fanni shi ne masu tsoratar da mutane da tauraro ɗaya.

Mu fara da abin da ke sama. A tsakiyar Oktoban 1993 Zuhal yana wajen daraja 24 a burjin Dalwu, Fuluto kuma yana wajen daraja 24 a Akrab. Tsakaninsu daraja 90 ke nan, shi ne tarbi'in, kuma naki matsattse ne, ba zan ɓoye miki ba. Sai dai taurarin nan biyu masu nawar tafiya ne. Zuhal yana kewaya rana cikin shekara 29 da rabi, Fuluto sai ya yi kusan shekara 248. Saboda haka tarbi'in ya daɗe bai watse ba, tun daga farkon 1993 har ya shiga 1994. Duk jaririn da aka haifa a duniya a watannin nan yana da shi, miliyoyin mutane, har da 'yan ajinku na firamare. Ki tuna su ɗaya bayan ɗaya. Akwai wadda ta yi aure da wuri, akwai wadda ba ta yi ba, akwai maraya, akwai wanda kakanninsa ma suna raye. Alama guda ba za ta zama hukuncin dukkansu ba.

Wani abin da ba a gaya miki ba: sai a 1930 aka gano Fuluto, Clyde Tombaugh ne ya gano shi a Arizona ta Amurka. Malaman hisabi na dā da taurari bakwai suka yi aiki, Zuhal ne na ƙarshensu. Duk ma'anar da ake ba Fuluto sabuwa ce, ba ta kai shekara 100 ba, kuma masu rubutu sun cika ta da kalmomi masu firgitarwa. Zuhal kam tun dā ana kiransa babban nahisa, amma waɗanda suka sa masa sunan su ne kuma suka ce Jadyu da Dalwu gidajensa ne, kuma tauraro a gidansa ya fi natsuwa da kyan aiki. Naki a Dalwu yake. Rana kuma a taswirarki tana burjin Mizan, wajen daraja 22, tana taslisi da Zuhal, wato daraja 120, wanda ake ɗauka kusurwar sauƙi. Wanda ya karanta miki tarbi'in ya tsallake wannan, rabin shafi ya karanta.

To me tarbi'in yake nufi a wurinmu? Hali muke karantawa a cikinsa. Zuhal shi ne tsoro da nauyi da iyaka, Fuluto shi ne son riƙe al'amari gam don kada ya kuɓuce. Idan suka takura wa juna, kuma a burji biyu tabbatattu marasa son sauyi, abin da na fi gani shi ne mutum mai juriya fiye da kima, wanda ya ɗauki nauyi tun yana ƙarami, ba ya neman taimako, kuma kullum yana shirin musibar da ba ta zo ba. Irinsu kan zauna a aikin da ke cinye su shekara da shekaru saboda suna ganin saki faɗuwa ce. Idan aka ɓata musu sukan yi shiru su riƙe. Alherinsa kuwa, su ne ake nema ranar da gida ya rikice, don ba sa ruɗewa a gaban mutane. Ke kika san ko wannan ya yi kama da ke. In bai yi ba, ki ajiye shi, kada ki tilasta wa kanki shiga rigar da ba taki ba.

Ga hanyar da za ki gwada da kanki, kuma ita na fi yarda da ita. Kusan duk shekara bakwai Zuhal mai tafiya yakan taɓa wannan daraja ta 24. Ya taɓa ta daga Sauru wajen 2000 zuwa 2001, kina shekara bakwai. Ya taɓa ta daga Asad wajen 2006 zuwa 2007. A 2014 ya bi ta kan Fulutonki a Akrab, kina 21. Sannan babbar: daga 2022 zuwa farkon 2023 ya dawo daidai inda yake ranar haihuwarki, ya tayar da tarbi'in gaba ɗaya, kafin ya shiga burjin Hutu a Maris 2023. Ki ɗauki takarda ki rubuta abin da ya faru a kowanne. Ki rubuta shekarun tsakani ma, don idan kika duba waɗannan huɗu kaɗai za ki samu wahala a cikinsu ko ta halin ƙaƙa, kowace shekara tana da tata. Idan abu ɗaya ne ke maimaituwa, misali nauyin gida ya ƙaru a kanki ko rigima da wani mai iko da ke, to kin ga yadda abin yake zuwa miki. Idan ba ki ga komai ba, tarbi'in ba shi da ƙarfi a rayuwarki. Ko ta yaya, abin da kike tsoro kin riga kin ratsa shi sau huɗu, kuma ga ki.

Na gaba zai zo wajen 2029 zuwa 2030, lokacin da Zuhal zai koma daraja 24 a Sauru. Fuluto yana Dalwu yanzu, amma a farkonta, ba zai kai wurin Zuhal ɗinki ba sai ƙarshen shekarun 2030. Ba abin da ke matsa wannan kusurwa a yanzu daga su biyun.

Abin da ba zan iya faɗa ba sai da lokacin haihuwa shi ne gidajen da suke ciki a gidajen taswira goma sha biyu, ko na aure ne, ko na sana'a, ko na iyaye. Ɗali'i, wato burjin da ke hudowa a gabas, yana gusawa daraja ɗaya kusan duk minti huɗu, ya sauya burji cikin kamar awa biyu. "Bayan asuba" ko "da yamma" ba za su isa ba. Idan manhajar da kika yi amfani da ita ba ki ba ta lokaci ba, sau da yawa sha biyun rana take sawa, don haka duk abin da ta ce game da gida na takwas ko na huɗu ki watsar. Tarbi'in yakan zama na mutum sosai ne idan ɗali'i ko Wata ya faɗo kusa da daraja 24 a Sauru, Asad, Akrab ko Dalwu, da tazarar daraja biyu zuwa uku. In ba haka ba, alamar tsararku ce kawai.

Maganar barcin ita ta fi damuna. Ki daina karanta waɗannan bayanai da dare. Idan rashin barcin ya kai mako biyu, ko gabanki yana yawan faɗuwa, ko kin kasa cin abinci, ki je asibiti ki ga likita, wannan ba aikin mai duba taurari ba ne. Kuma kada ki ba kowa kuɗi da sunan zai kwance miki tarbi'i, kusurwar da aka haife ki da ita ba ta kwantuwa. Ki tambayi Mama lokacin haihuwarki, ko ki nemi katin asibiti idan yana nan, ki haɗa da garin da aka haife ki da takardar shekarun nan, sai mu duba gidajen tare.