Tunatar da 'yan ƙungiya kuɗin wata ba tare da an kunyata kowa ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ce sakatariyar ƙungiyarmu ta mata masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Mu 40 ne, kuɗin wata naira 1,000, ana bin mutum 12 wata uku. Na rubuta: "Masu taurin bashi ku ji tsoron Allah, in ba ku biya ba za a karanta sunayenku a taro." Hajiya shugaba ta ce ya yi zafi. Yaya zan gyara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama sakatariya. Hajiya ta yi gaskiya. Bayan zafin ma, saƙon bai faɗi nawa za a biya ba, ko yaushe, ko a hannun wa.

Kafin ki taɓa rubutun, ki zauna da ma'aji ku gwada littafi da rasiɗai da alat na banki. Sau da yawa wata ta tura kuɗi ta asusun mijinta ko na mai POS, sunanta bai fito ba. In kika tuhumi wadda ta biya, kin ɓata da ita, sauran kuma sun samu hujjar cewa lissafinku ba daidai yake ba.

Daga nan ki raba saƙon biyu. Na farko na kowa ne, babu suna, babu adadin masu bashi:

"Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna tunatarwa cewa za a rufe lissafin kuɗin wata ranar 30 ga wata, don a samu sayen gyaɗa a sari. Ana biya a hannun ma'aji ko ta asusun ƙungiya. Wadda take son sanin inda lissafinta ya tsaya ta tuntuɓe ni. Allah ya ƙara rufin asiri."

Kada ki jera sunayen waɗanda suka biya da sunan godiya. Duk wadda babu sunanta kin tona ta kenan.

Na biyu na mutum ɗaya ne, a keɓe:

"Yaya, barka da aiki. A littafinmu akwai saura wata uku, naira 3,000. In kin biya ba mu rubuta ba, ki yi haƙuri ki sanar da ni in gyara. In kuma ya yi nauyi a lokaci ɗaya, ana iya kawo 500 duk ranar kasuwa."

Wannan "in kin biya ba mu rubuta ba" ita ke ba mutum ƙofar fita, sai ta amsa maimakon ta yi gum. Ki lura kuma da wayar da za ki tura wa: in ta maigida ce ko ta yara, gara ki je da kanki. Dattijuwa kuwa, Hajiya shugaba ce ta dace ta yi mata magana.

Batun tara, kada ki ambace ta sai in tana cikin dokar ƙungiya da kowa ya amince da ita, kuma sai a tunatarwa ta biyu, bayan mako biyu.