Lissafin ciniki na wata shida: ta ina zan soma taƙaitawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina riƙe wa kawuna lissafin shagonsa na kayan masarufi a kasuwar Dole, nan Damagaram. Teburin Excel ya kai layi 800, da ginshiƙai Date, Article, Qté, PU, Montant da Versé. Ya ce in faɗa masa a taƙaice ko ciniki gaba yake yi ko baya. Na kalli lambobin har idona ya yi ja.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin ka haɗa jimillar komai, tabbatar ka san abin da kowane ginshiƙi yake faɗi. PU kuɗin guda ɗaya ne, Montant darajar kayan da suka fita, Versé kuɗin da ya shigo hannu. Bambancin na biyun ƙarshe shi ne bashin da ke waje. Idan ka kai wa kawu jimillar Montant ka ce ga ciniki, zai duba aljihun tebur ya ga kuɗin bai kai ba, kai ne za ka sha tambaya. Qté kuwa, ka tambayi mai rubutawa: buhu yake nufi ko tiya? Na taɓa ganin teburin da aka cakuɗa biyun, har lissafi ya nuna an sayar da buhu 60 na shinkafa a yini guda.

Daga nan ka buɗe sabon ginshiƙi a G, ka sa wannan a layi na biyu, ka ja shi har ƙasa:

```
=C2*D2-E2
```

Duk layin da bai ba da sifili ba, ko an yi ragi ne ko hannu ya goce.

Don ganin tafiyar ciniki, danna Insertion, sai Tableau croisé dynamique. Ja Date zuwa Lignes, Montant da Qté zuwa Valeurs, Article zuwa Filtres, sa'an nan ka danna dama a kan kwanan wata ka zaɓi Grouper, sai Mois. In ya ƙi haɗawa, akwai kwanan watan da aka shigar a matsayin rubutu. Haka in ka ga Nombre de Montant maimakon Somme de Montant, layuka yake ƙirgawa, ba kuɗi ba.

Ga inda mutane da yawa ke ruɗuwa. A ce a Janairu an sayar da buhu 40 na shinkafa a kan jaka 25, kuɗi ya kama miliyan 1. A Afrilu buhu 36 a kan jaka 30, ya kama miliyan 1 da jaka 80. Kuɗi ya ƙaru da kashi 8 cikin ɗari, amma buhunan da suka fita sun ragu da kashi 10. Tsada ce ta ɗaga lambar, masu saye raguwa suka yi. Shi ya sa nake cewa a duba Qté kaya ɗaya bayan ɗaya. Kuma in azumi ya faɗo cikin watannin, kada hawan cinikin sukari ya ruɗe ka, bayan salla zai sauka.

Saura lambobin da suka fita daban. Ɗauki cinikin kwana biyar: jaka 80, 95, 90, 85, da 900. MOYENNE, wanda ke raba jimilla da yawan kwanakin, zai ba ka jaka 250, alhali babu ranar da ta yi kama da haka. MEDIANE, wanda ke ɗaukar lambar tsakiya, zai ba ka jaka 90. Duk sa'ad da biyun suka yi nisa da juna haka, jera Montant daga babba zuwa ƙarami ka dubi layuka goma na sama da goma na ƙasa.

Wannan 900 ɗin zai iya zama sifili ne ya ƙaru a kan 90. Zai iya kuma zama gaskiya, wani ɗan kasuwar ƙauye ya yi sari ranar Alhamis. Kada ka goge sai ka buɗe littafin shago ka gani. In gaskiya ne, bar shi cikin jimilla, ka ambace shi daban.

Wanda ya fi ɓuya shi ne namu na gida, ƙirgen dala. Yaron shago ya ji an ce dubu biyar, ya rubuta 5000 a PU, alhali dala dubu biyar jaka 25 ce. In Montant daga PU ake lissafa shi, ginshiƙin G zai nuna sifili lafiya lau, ba zai kama shi ba. Sai ka tace Article kaya ɗaya, ka jera PU. Farashin da ka ga ya yi daidai kashi ɗaya cikin biyar na ƴan'uwansa, dala ce aka rubuta.

Abin da za ka kai wa kawu bai wuce rabin takarda ba: jimillar kowane wata, buhunan manyan kaya uku, bashin da ke waje, da layukan da ka gyara tare da kwanan watansu, don ya duba littafi da kansa.