Raha a cikin marsiyya: ina za a sa ta?

Tambaya: "'Yan'uwa, ina rubuta wa yayana marsiyya. Mutum ne mai barkwanci ƙwarai. In na sa raha sai in ji kamar ina wasa da rasuwarsa, in na cire kuma waƙar ba ta kama da shi. Yaya zan yi?"

Allah Ya jiƙansa, ɗan'uwa, Ya ba ku haƙuri. Na sha wannan fama lokacin da na rubuta ta mahaifina, bari in ba ka abin da na gani.

Kuskuren da na fara yi shi ne na ɗauki raha a matsayin wurin hutawa, wato a yi baiti uku na kuka, a jefa ɗaya na dariya don mai sauraro ya numfasa. Waƙar ta fito kamar mutum biyu ne suka rubuta ta, ba sa ga maciji da juna. Sai daga baya na gane cewa abin da ya ba da dariya, shi ne ya kamata ya dawo ya sa kuka. Abu ɗaya, aiki biyu.

Tawa ƙwar biyu ce, baiti 14, babban amsa-amonta "shi". A baiti na 4 na ce:

Yakan ta da gida yana neman tabarau,
Muna dariya, muna hango shi a goshi.

Halinsa ke nan, ban ƙara gishiri ba. Daga nan ban sake taɓa raha ba, na bi jinyarsa da ranar da ya cika da kalmomi na yau da kullum. Sai a baiti na 12:

Ga tabarau yau a kan tebur a ajiye,
Kowa na ganinsa, babu mai nemanshi.

Babu hawaye ko kabari a wannan baitin. Nauyinsa duk daga dariyar da aka yi a baya ya samo shi, don in ka cire na 4, na 12 ya zama labarin tebur kawai. Tazarar ma da gangan na bar ta. Da na fara jera su kusa da juna, sai ya zama kamar dabara ce nake nunawa. Baiti bakwai a tsakani sun isa mai sauraro ya manta da tabarau, ya kuma gane shi nan take in ya dawo.

Akwai baitin da na yar, kuma har yau ina jin kunyarsa. Ina neman abin da zai dace da "goshi" sai "nishi" ta faɗo mini, na tsara baiti a kan yadda yake nishi in zai tashi zaune a ƙarshen jinyarsa. A kunne ya zauna daram. Da na karanta wa yayata, ba ta yi dariya ba, ba ta yi kuka ba, ta dai kawar da kai. Amsa-amo ne ya kawo baitin, ba ni ba, kuma dariyar ta sauka a kan rauninsa ne maimakon halinsa. Tun daga ranar, kowane baitin raha sai na tambayi kaina: da yana zaune a nan, zai yi dariyar tare da mu? Na tabarau, shi zai riga kowa. Na nishi, shiru zai yi. Ka yi wa baitocinka wannan gwajin, musamman waɗanda suka zo maka da sauƙi saboda kalmar ƙarshe ta dace.

Tunda yayanka mai barkwanci ne, kana da abin da ni ban samu ba. Kada ka ce "mai ban dariya ne", wannan shaida ce kawai. Ɗauko magana ɗaya da ya saba faɗa, ka sa ta a bakinsa yadda yake faɗinta. In rahar tasa ce, ba wanda zai ce kai ne kake wasa da rasuwarsa. Amma ɗaya ko biyu sun isa, in suka yi yawa marsiyya ta koma hira.

Kada ka sauya kari in ka zo wurin raha, kunne zai ji ɗinkin. Kuma ka guji baitin ban-haƙuri irin "kada ku ga ina dariya, zuciyata kuka take". Duk inda ka ji kana bukatarsa, baitin da ke gabansa ne bai zauna ba, shi za ka gyara.

In ka gama, karanta wa mutum ɗaya da ya san shi, da baki, kana kallon fuskarsa. In kuma rasuwar ba ta daɗe ba, ajiye waƙar tukuna. Tawa sai da ta yi wata takwas kafin na iya karanta baiti na 4 a gaban mahaifiyata.