Wa'azin da za ka yi wa mutanenmu a Glasgow

"Kawu, na samu gurbin digiri na biyu a Glasgow ta Scotland, a Birtaniya, a watan Satumba zan baro Gombe in Allah ya yarda. 'Yan uwanmu da ke can sun ji cewa ina karantarwa a Islamiyya a Pantami, sun ce in shirya wa'azin da zan yi a taron maraba da sababbin ɗalibai, a kan riƙe addini da mutunci a ƙasar da al'adarta ba irin tamu ba. Ni ko Legas ban taɓa wucewa ba. Me zan ce musu?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sanya albarka, ya kawo ka lafiya.

Wa'azin da na fi yawan ji daga bakin sabon zuwa shi ne na tsoratarwa: giya, tsiraici, naman alade, lalacewar Turawa. Duk wanda zai zauna a gabanka ya san waɗannan tun yana gida, kuma a zaman da na yi a nan, ba ta wannan ƙofar na ga akasarin yaranmu suna sakaci ba. Yaron da ya tashi a Jekadafari ko Bolari ba a cika yin gardama da shi a kayar da imaninsa ba. Abin da ke faruwa shi ne, a gida ladan ke tashinsa, maƙwabci ke buga masa ƙofa, kasuwa ke tsayawa idan an yi kira. A nan babu lasifika a waje, lakca ba ta tsayawa, kuma ba wanda zai tambaye shi ina ya shiga da Asuba. Sai salla ta fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa bai taɓa yanke shawarar barinta ba. A nan nake so ka kafa wa'azinka.

Ka buɗe da hijirar Habasha, don ita ce ta yi kama da halinsu. A shekara ta biyar da aiko Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sahabbai suka ƙetare teku zuwa ƙasar sarki Kirista, Najjashi, saboda ba a zaluntar kowa a wurinsa. Da aka kira su fada, fadawa suka ga ba su yi wa sarki sujada kamar yadda aka saba ba, Ja'afaru ɗan Abi Ɗalib ya bayyana dalili cikin ladabi, ya karanta farkon Suratu Maryam. Da aka sake kiransu a kan abin da suke cewa game da Annabi Isa, bai ɓoye ba, bai kuma yi zagi ba. Daga baya wani ya tayar wa Najjashi da yaƙi, sahabbai suka yi ta roƙon Allah ya ba sarkin nasara. Ja'afaru bai koma ba sai shekara ta 7 bayan hijira, lokacin Haibara. Ka nuna musu iyakar da ya ja: abu guda ya ƙi, wanda ya taɓa tauhidi, sauran zaman kuwa na amana ne da mutunta mai masauki. Ka haɗa da aya ta 8 a Suratul Mumtahana, wadda ta yi maganar kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu a kan addini ba. Kada ka daɗe a nan, minti goma sun isa, sai ka shiga maganar lokacin salla.

A Gombe, Magariba ba ta nisa da ƙarfe shida zuwa bakwai saura duk shekara. Glasgow tana can arewa, kusan digiri 56 daga layin ikwaita da ya raba duniya biyu, saboda haka rana ba ta da wannan tsayuwar. A ƙarshen Disamba rana tana fitowa wajen tara saura kwata, Azahar ta shiga sha biyu da kwata, La'asar ɗaya da rabi, rana ta faɗi huɗu saura kwata. Ka ga salloli uku sun taru cikin awa uku da rabi, a daidai tsakiyar lokacin aiki da karatu.

Ka ɗauki ɗalibi guda ka bi yininsa a gabansu. Bizar karatu ta ba shi damar aikin awa 20 a mako lokacin da ake karatu, ya samu aiki a gidan kula da tsofaffi, daga takwas na safe zuwa huɗu. Dokar aiki ta ba wanda ya wuce awa shida hutun minti 20. Idan bai yi magana ba, za a iya sa masa hutun ƙarfe sha ɗaya, kafin Azahar ta shiga, ya tashi aiki rana ta faɗi, salloli biyu sun wuce shi, ta uku tana kansa. Idan kuwa tun makon farko ya je wurin mai raba aiki ya ce yana son hutunsa ya kama ɗaya da kwata, to zai yi Azahar a ƙarshen lokacinta, ya ɗan jira La'asar ta shiga ya sallace ta, kowace a lokacinta, ya koma bakin aiki. Magariba kuma da ya tashi ƙarfe huɗu sai ya yi ta a wurin kafin ya nemi bas, don in ya ce sai ya isa gida, Isha'i ta kusa. Yana fita daga gida da alwala, da ƙaramar darduma a jaka, ya riga ya san ɗakin da zai shiga. Alƙibla a nan kudu maso gabas take, kada ya fuskanci gabas kamar yadda jiki ya saba. Dokar daidaito ta 2010 ta hana a nuna wa mutum bambanci saboda addininsa, amma ba ta tilasta wa mai aiki ya ba ka duk lokacin da ka nema ba. Abin da ke sa a yarda shi ne a nema da wuri, a faɗi minti nawa, a kuma dawo a kan lokaci. Kunya ce take hana yaranmu buɗe baki, suna ganin kamar roƙon alfarma ne mai nauyi, alhali mutanen nan sun fi jin daɗin a gaya musu a sarari.

Lokacin zafi kuma abin ya juye. A Yuni rana ba ta faɗuwa sai goma ta ɗan gota, ta fito huɗu da rabi, kuma daga wajen Mayu zuwa farkon Agusta hasken shafaƙi ba ya ɓacewa gaba ɗaya, dare ba ya yin baƙi. Alamar da muka karanta ta shigar Isha'i da ta alfijir sai ta ƙi fitowa sosai, dole a ƙaddara. Wasu masallatai suna raba dare kashi bakwai, su ba Isha'i kashin farko, Asuba kashin ƙarshe. Daren da bai wuce awa shida da rabi ba, kashi ɗaya ya kama kusan minti 55, wato Isha'i wajen sha ɗaya, Asuba wajen uku da rabi. Wasu suna bin rana ta ƙarshe da alamar ta bayyana, wasu suna bin tsakiyar dare. Shi ya sa za ka ga jadawali biyu a gari ɗaya sun saɓa sosai. Majalisar Fatawa ta Turai ta yi sauƙi a haɗa Magariba da Isha'i a irin wannan lokaci ga wanda abin ya yi wa tsanani, ta dogara da hadisin Ibn Abbas na haɗa salla a Madina ba don tsoro ko tafiya ba. Imam Malik ya ɗauki hadisin a kan ruwan sama, ka san wannan, don haka ka faɗa musu ra'ayoyin biyu da gaskiya. Nawa ganin, mutum ya zaɓi masallaci guda da ya amince da malamansa ya bi jadawalinsa duk shekara. Wanda yake tsallake daga wannan manhaja zuwa waccan yana neman mai sauƙi, ƙarshenta ruɗewa yake yi. Ka tuna musu kuma ana tura agogo gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Maris, a mayar da shi a Lahadin ƙarshe ta Oktoba.

Akwai baƙunta ta biyu da ba a cika shirya mata ba, ita ce ta cikin masallaci. Babban masallacin Glasgow, wanda aka buɗe a 1984, akasarin jama'arsa 'yan asalin Pakistan ne masu bin mazhabar Hanafiyya. La'asarsu sai inuwa ta ninka biyu, don haka tana bayan tamu da kusan rabin awa a hunturu, fiye da awa ɗaya a lokacin zafi. Wuturinsu raka'a uku ce a haɗe. Za ka ji jawabi da Urdu ko Ingilishi kafin huɗubar Larabci. Na ga ɗan uwa ya daina zuwa jam'i saboda yana ganin sallarsu ba irin wadda ya koya ba ce, ya koma yi shi kaɗai a ɗaki, bayan wata biyu ko Juma'a ba a ganinsa. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai. Ka gaya musu saɓanin mazhaba ne sananne, sallar bayan limamin ta inganta. Kuma don Allah rigimar Izala da ɗariƙa a bar ta a gida, ba mu da yawan da za mu rabu biyu.

Maganar al'ada ka taƙaita ta, amma kada ka tsallake. Sunkuyar da kai gaban babba ladabi ne a wurinmu, a nan malami zai ɗauka kana ɓoye wani abu ne, kuma zai ce ka kira shi da sunansa. Yin hakan bai rage maka komai a addini ba. Buta kuwa ba a barinta, sai dai wanda ya yi tsarki ko alwala a bayin makaranta ya share ruwan da ya zuba, don da wannan ɗan ruwan ake yi wa Musulmi duka hukunci. Masu iyali ka sanar da su cewa tun Nuwamba 2020 dukan yaro laifi ne a Scotland, ko da marin tarbiyya ne. Ka roƙe su su riƙa yi wa 'ya'yansu Hausa ko Fulatanci a gida, domin yaron da ba zai iya gaida kakarsa ta waya ba ya rasa wani abu da Islamiyyar ƙarshen mako ba za ta mayar masa ba.

Yawancin waɗanda za su saurare ka su kaɗai suka zo, tunda daga Janairun 2024 mai digiri na biyu na aji, wanda ba na bincike ba, galibi ba a barinsa ya zo da iyali. Kaɗaici ga duhun hunturu yana karya mutum fiye da yadda ake zato. Saboda haka kafin a tashi, ka sa a haɗa su bibbiyu ko uku-uku bisa unguwannin da suke, kowa ya san wanda zai buga wa waya da Asuba da wanda zai tambaya in bai gan shi a Juma'a ba. Ka buga jadawalin sallar Oktoba zuwa Disamba ka raba musu a takarda.

Duka kada ya wuce minti talatin, wasunsu daga aikin dare suka fito. Ka turo mini abin da ka rubuta in duba lokutan kafin ka taso. Ka gaida mahaifiyarka, ka ce ta sa mu a addu'a.