Dutsen wasa ya tsage

Tambaya: "Dutsen injin wasa ƙarfe na shagona a Kofar Ruwa ya tsage daga ramin tsakiya bayan na ƙara gudu kaɗan. Me ya jawo?"

Amsa: Malam, juyawa na fizgar kowane ɓangare waje, dutsen kuma yana riƙe kansa. A siririn zobe ƙarfin jan shi ne σ = ρv², wato nauyin kowace kubik mita ta abin sau gudun baki, a sake sau gudun baki. Daga juyi 3000 a minti zuwa 3600, ƙarin kashi 20 ne, amma jan ya ƙaru da kashi 44. A faifai mai rami, jan ya fi tsanani a bakin ramin. Ko ƙaramin rami yana ninka shi biyu. Kauri ba ya ceto, tunda nauyi na ƙaruwa tare. Kada ka wuce adadin juyin da aka rubuta a jikin dutsen, mai tsaga kuma a jefar. Kafin sauya fuli don ƙara gudu, nemi injiniya ya lissafa maka.